Yadda na daidaita kwaɓin 1:2:4 da hedfan

A takardar injiniya an rubuta 1:2:4 na kankaren ginshiƙai, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, duk da mudu ɗaya. A wurin aikin kuwa, magina sun ɗauka buhun siminti ɗaya ne da hedfan biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu mai kilo 50 yana cika hedfan biyu, saboda haka simintin ya ninka, har ya ƙare kafin a gama aikin.

Na sake rubuta umarnin da Hausa a jikin allo: buhu ɗaya, yashi mai kaifi hedfan huɗu, tsakuwa hedfan takwas, kowane hedfan a shafe bakinsa, ban da tozo. Inda takardar ta ce 0.5 game da ruwa, wato nauyin ruwan ya zama rabin nauyin simintin, na rubuta lita 25 ga kowane buhu, muka yi wa jarka zane daidai nan. Wannan ya fi damuna, domin leburori kan ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba, kankare mai ruwa-ruwa kuma ba ya ƙarfi. Na gaya wa foman idan yashin jiƙaƙƙe ne a rage ruwan kaɗan.