Babi na Shida: Fensir, Tawada da Rubutun da Aka Ƙara Daga Baya

Darasi na 1: Duba shafi kafin kwafi

'Yan'uwa, ku ajiye alƙalami tukuna. A wannan babin ido ne zai fara aiki, hannu ya biyo baya.

Dayarin da za mu yi aiki da shi, wato littafin rubuta al'amuran yau da kullum, na wani ɗan kasuwar goro ne a Agege, wanda iyalinsa suka ba mu aro. Ya yi shekaru yana rubutu a ciki, kuma duk abin da hannunsa ya kai gare shi da shi yake rubutawa. Aikinmu shi ne mu kwafe maganarsa, mu kuma nuna wa mai karanta kwafinmu da me aka rubuta kowane wuri.

Ku wanke hannu, ku goge shi ya bushe sarai. Ku kai littafin bakin taga da rana, ku shimfiɗa shi a kan tebur. Sai ku ɗan karkata shafin a hankali, yadda haske zai bi ta gefensa, kada ya sauko masa ta sama. Idan babu wuta, fitilar waya ta isa, amma a riƙe ta ƙasa-ƙasa a gefen takarda.

Fensir yana ƙyalli kaɗan, toka-toka, idan haske ya bi ta gefe. A kan fuskar takarda yake zama, ba ya ratsawa zuwa baya, shi ya sa yake dusashewa inda yatsu suka yawaita taɓawa. Biro kuma yana danne takarda. Ku juya shafin, za ku ga sawunsa ya kumburo ta baya. Kaurin layinsa kusan ɗaya ne, wani lokaci ya tsallake, wani lokaci ya bar ɗigon tawada a kwanar harafi. Alƙalami mai shan tawada ba ya buƙatar danni, tawadarsa ruwa-ruwa ce, takarda tana shanye ta. Bakin layinsa yakan ɗan bazu, kuma tsohuwar tawada irin wannan takan rikiɗe ta koma ruwan ƙasa.

Akwai wani fensir na da wanda ba ya goguwa. A bushe kamar kowane fensir yake, amma da ya ji ruwa sai ya koma shuni-shuni. A Legas, inda damshi ba ya barin takarda ta huta, za ku gamu da shi ya riga ya rine. Kada wanda ya sa yawu ko ruwa don gwadawa. Littafin amana ne.

Darasi na 2: Sa alama a daidai inda alƙalami ya canza

Nan ne mafi yawanku kuke tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe.

A shafin 14 ga Maris 1971, mai littafin ya rubuta da tawada shuɗiya cewa ya sayar da goro a kan fam 6 da sule 10. A saman layin, a ɗan matsattsen wuri, akwai "naira 13" da jan biro. A gefen shafin kuma akwai "ya biya" da fensir.

Ɗalibi yakan kwafe haka: Na sayar da goro fam 6 sule 10 naira 13 ya biya. Kalmomin duk suna nan, amma kwafin ya yi ƙarya. Mai karantawa zai ɗauka a zama ɗaya aka rubuta su, kuma a ranar aka biya kuɗin.

Ga yadda ake yi. A saman kwafin ku fara faɗin abin da aka rubuta ainihin shafin da shi. Duk inda wani alƙalami ya shigo, ku buɗe baka mai kusurwa, ku faɗi irin alƙalamin da wurin da rubutun yake, ku sa ɗigo biyu, ku kwafe kalmomin, sannan ku rufe bakan.

[Ainihin rubutu: tawada shuɗiya]
Na sayar da goro fam 6 sule 10 [jan biro, saman layi: naira 13]
[fensir, gefen dama: ya biya]

Ku sake dubawa. An buɗe baka, an faɗi alƙalami, an faɗi wuri, an kwafe, an rufe baka. Rufewar nan ita ake mantawa. Idan ba ku rufe ba, mai karatu ba zai san inda jan biro ya ƙare ba, sai ya ɗauka sauran shafin duk ja ne. Ku ɗora yatsan hagu a gefen kalmar ƙarshe ta ƙarin, kada ku ɗaga shi sai kun rufe baka a kwafinku.

Wanda ya kasa a karon farko kada ya damu, hannu yana sabawa. Amma masu cewa za su gama kwafe shafin tukuna, sannan su dawo su sa alamomi, ku daina. Ba kwa dawowa. In kun dawo ma, a wurin da bai dace ba kuke sawa. A lokacin da idonku ya ga launi ya canza, a lokacin ake buɗe baka. Ko harafi ɗaya aka ƙara, ko sifiri ɗaya aka liƙa a bayan lamba, a buɗe masa baka a rufe. A littafin ciniki sifirin nan ya fi dogon zance nauyi, domin shi ke mayar da 10 ta koma 100.

Buɗe, faɗi alƙalami, faɗi wuri, kwafe, rufe. Ku maimaita da baki kafin kowane shafi.

Darasi na 3: Yaushe aka ƙara?

Canjin launi kaɗai ba ya nuna an yi shekaru. Biro kan ƙare a tsakiyar jimla, mutum ya ari na maƙwabcinsa a kasuwa ya ci gaba. Alamar ƙari ita ce rubutu ya matse tsakanin layuka, ko ya kwanta a gefe, ko haruffa su ƙanƙance don wuri ya ishe su.

A misalinmu muna da hujja mai ƙarfi. Naira ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 1973, kuma fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma ya zama naira ɗaya. Fam 6 da sule 10 kenan naira 13. Saboda haka wani ne ya dawo daga baya ya juya lissafin zuwa sabon kuɗi. Wannan bayanin naku ne, ba na mai littafi ba. Ku ja layi a ƙasan kwafin ku rubuta shi a can: "An ƙara jan biron bayan fitowar naira." Shi kuwa "ya biya" na fensir, babu abin da ya nuna ranarsa. Ku rubuta "fensir", ku tsaya nan. Kada ku ce ɗansa ne ya rubuta don kawai hannun ya yi muku dabam. Ku ce "da alama wani hannu ne".

Darasi na 4: Gogewa da sokewa

Kalmar da aka soke, in tana karantuwa, ku kwafe ta: [an soke da biro baƙi: sule 5]. Wurin da aka goge yakan yi kaushi a hasken gefe. In ba ya karantuwa, ku rubuta [an goge, kalma biyu]. Kada ku bi ta kan fensir da ya dusashe don ya fito.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku nemi tsohon littafin bashi ko na adashi a gida. Ku kwafe shafi ɗaya, ku ƙirga bakan da kuka buɗe da wanda kuka rufe, ku tabbata sun yi daidai. A kawo ranar Asabar.