Kurakuran da ke sa a miƙa wa ɗan damfara lambar OTP

Maƙwabcin shagona a Kantin Kwari, dattijo mai sayar da shadda, aka kira shi gab da Azahar, kasuwa ta cika maƙil. Mai kiran ya gaishe shi cikin ladabi, ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ya ce daga banki ne, wai BVN ɗinsa ya samu matsala, za a rufe asusun kafin La'asar. Ya karɓi lambobin jikin katinsa na cirar kuɗi, gaba da baya, sannan ya ce, "Alhaji, yanzu saƙo zai shigo, karanto min lambobi shidan nan." Alhaji ya karanta. Bai ajiye wayar ba alat ya shigo, naira 180,000 ta fita.

Kuskuren farko shi ne yarda da mutum don ya san sunanka. Suna da ranar haihuwa, har da BVN mai lamba 11, ana iya tsintar su a fom ɗin da ka taɓa cikewa na neman tallafi ko bashi. Da waɗannan kaɗai ba a cire kuɗi. Abin da ɓarawon ya rasa shi ne makullin ƙarshe, wato OTP, lambar da bankinka ke turowa wayarka. A lokacin da kuke magana, shi yana can ya shigar da lambobin katinka yana sayayya a intanet. Shi ya sa saƙon na gaskiya ne, daga banki ya fito. Mai kiran ne na bogi. Gaggawar da yake yi maka kuwa, don lambar tana mutuwa cikin 'yan mintuna ne.

Na biyu, ido kan tsallaka kai tsaye kan lambar. Da Alhaji ya karanta saƙon duka, ko ya miƙa wa yaron shagonsa, da ya ga gargaɗin kada a faɗa wa kowa, sau da yawa har da adadin kuɗin da za a cire. Ma'aikacin banki ba ya tambayar OTP ko PIN ko lambobi ukun bayan kati. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar.

Akwai kuma masu cewa bari su tabbatar, sai su kira lambar wayar da mai kiran ya turo musu, ko su latsa adireshin da ya turo. Wannan komawa hannun ɓarawon ne. Kira lambar wayar banki da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshen banki da kanka.

Abin da ya fi min ciwo shi ne kunya. Alhaji ya kwana bai faɗa wa kowa ba, kuɗin kuwa tuni an rarraba su. In ta faru, a take ka kira banki a toshe katin da asusun, sannan ka rubuta ƙorafi a reshe. Bankuna da dama suna da lambar toshe asusu da ake dannawa ko daga wayar wani. Nemi ta bankinka yau ka rubuta ta a littafin shago.