Yadda ake ajiye hirar WhatsApp ta zama hujja idan rigimar bashi ta taso

A ce ka ba mutum atamfa ta naira 180,000 bashi, duk maganar a WhatsApp kuka yi ta, yanzu ya fara kwana-kwana. To kafin ka tura masa saƙon faɗa ko ɗaya, fara tattara hujjarka tukun, domin da zarar ya ga alamar za a je gaban alƙali zai iya goge saƙonnin da ya turo cikin kwana biyun da suka wuce, su ɓace har a wayarka. Ka duba ma ko Disappearing messages a kunne yake, in a kunne yake ka kashe, in ba haka ba hirar da kanta za ta riƙa gogewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90.

Sai sikirinshot, kuma a nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Wani sai ya ɗauko layi ɗaya tal inda mutumin ya ce "eh na yarda" ya yanke sama da ƙasa, to ya yarda da me? Gobe sai ya ce ai maganar ɗaurin aure kuke. Ka faro tun daga inda ya nemi kayan, ka bi ta inda kuka yi ciniki da ranar da ya ce zai biya, kowane hoto ya maimaito layin ƙarshe na wanda ya gabace shi yadda ba wanda zai ce ka tsallake wani abu, kwanan wata da lokaci su fito. Har inda kai ka yi magana mara daɗi ka bar ta, don shi ma yana da kwafin hirar, in aka ga ka cire wani wuri sauran ma sai a daina yarda da su.

Sunan da ke saman hira kai ka sa shi, "Alhaji atamfa" ba ya nuna kowa, saboda haka ka taɓa sunan ka ɗauki shafin da lambarsa ta fito.

Daga nan ka fitar da hirar gaba ɗaya. A Android ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, sai More, sai Export chat, ka zaɓi Include media don saƙon murya da hoton rasit su biyo, yawancinmu ai da murya muke ciniki. Ka tura wa imel ɗinka a ranar, kar ka gyara ko harafi ɗaya. Fayil ɗin rubutu ne da kowa zai iya canzawa, shi ya sa wayar ita ce asali, kar ka sayar, kar ka yi mata filashin, kar ka goge hirar don haushi.

In magana ta kai babbar kotu a Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman satifiket mai bayanin na'urar da aka ciro saƙon da yadda aka ciro shi, don haka ka rubuta samfurin wayar da ranar da ka fitar da hirar, ka kai wa lauyanka tare da wayar.