Yadda ake karanta wutar dashbod a hoton da aka turo maka

Kusan kullum sai wani ya turo min hoton dashbod a waya wai "Oga duba min, motata ta kawo wuta", kuma rabin hotunan nan ba abin da ya samu motar, mutum ne ya murɗa makulli bai tayar da inji ba ya ɗauka. A wannan lokacin dole wutoci su kama gaba ɗaya, mota ce ke gwada su.

Saboda haka kafin ka kalli kowace alama, fara duba allurar RPM, mai nuna saurin juyawar inji, a hoton. In tana kwance a kan 0 inji a kashe yake, ka ce masa ya tayar, ya jira daƙiƙa goma ya sake ɗauka, kuma don Allah ya kashe filashin waya don haskensa cinye kalar yake. In allura na wajen 700 zuwa 800 to inji na sulo, duk wutar da ta rage ita ce maganar.

Sai kala. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai, ruwan ɗorawa a je wajen bakanike kwanan nan, ja kuwa a faka.

Inda mutane suka fi cin wuya shi ne jar butar nan mai ɗigo. Suna ɗauka cewa take baƙin mai ya ɗan ragu, alhali ƙarfin da ke tura mai cikin inji ne ya faɗi. A kashe mota nan take, a jira minti biyar a zaro gej. In mai ya yi ƙasa a ƙara, in wutar ta ɗauke shikenan. Amma in mai na nan cif kuma tana ci, ni dai ban yarda a sake tayarwa ba, ko famfon baƙin mai ne ko sansa, kuɗin janwe bai kai na inji ba.

Ƙanina ya taɓa turo min na Corolla 2006 daga hanyar Zariya, alamar batir ja, wai zai sayi sabon batir. Na zuƙo hoton sai ga allurar zafi ta haura rabi. Na ce "Kai buɗe bonet ka duba bel." Ya tsinke, kuma a motar bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa. Alamar batir caji take nufi, ba lallai batirin ba.

Alamar inji kuwa hoto ba ya nuna ko tsaye take ko ƙiftawa take, sai ka tambaya. Mai ƙiftawa inji ne ke tsallake, yawanci filogi ko kwayil, kar a matsa mata. Mai tsayuwa a sa kwamfuta a karanto lamba irin P0420. Alamar (!) cikin da'ira a sauke hanbirki tukuna, in ba ta ɗauke ba a duba man birki.