Yadda ake auna ko tallafin kuɗi mai sharaɗi yana fitar da iyali daga tarkon talauci: darasi daga shirin Progresa

Tarkon talauci shi ne halin da talaucin yau ke haifar da na gobe. Magidanci ba shi da jarin sayen taki ko dabba, saboda haka abin da yake girbewa ba ya wuce na ci, sai ya cire 'yarsa daga makaranta, ita ma ta girma ba ta da abin dogaro. Masu goyon bayan tallafin kuɗi mai sharaɗi suna cewa idan aka biya iyali kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti, za a tsinke wannan igiya. Magana ce da ake iya aunawa, kuma hanyar da aka fi bi ita ce wadda masana tattalin arziki ke kira bambanci cikin bambanci. Zan bi matakanta da misalin shirin Progresa na ƙasar Meziko, domin a can ne aka fara yin irin wannan awo da tsari sosai.

An fara shirin a 1997, zamanin Shugaba Ernesto Zedillo, kuma Santiago Levy na cikin manyan waɗanda suka tsara shi. A lokacin ana ba uwa kuɗin duk wata biyu, muddin 'ya'yanta da ke tsakanin aji uku na firamare da aji uku na ƙaramar sakandare sun halarci makaranta aƙalla kwana 85 cikin 100, iyalin kuma sun je duba lafiya. A matakin sakandare kuɗin yarinya ya ɗan fi na yaro. Tun da gwamnati ba za ta iya kaiwa ko'ina a lokaci guda ba, sai aka ware ƙauyuka 506 a jihohi bakwai, aka jefa ƙuri'a: 320 suka fara karɓa a 1998, sauran 186 suka jira har ƙarshen 1999.

Mataki na farko: ka tsai da abin da za ka auna

Ka rubuta tambayarka kafin ka buɗe alƙaluma, ka faɗi ma'auni ɗaya da rukunin mutane ɗaya. A karkarar Meziko yara fiye da 90 cikin 100 suna zuwa firamare tun kafin shirin, don haka wanda ya auna firamare kaɗai zai ga ɗan ƙaramin sauyi, ya ce shirin bai yi komai ba. Inda yara ke zubewa shi ne tsallakawa daga aji shida zuwa sakandare, musamman mata. To, tambayarmu ita ce: cikin 'yan matan gidaje matalauta da suka gama firamare, nawa ne suka ci gaba da karatu saboda tallafin?

Mataki na biyu: ka samo waɗanda za ka kwatanta da su

Nan ne yawancin bincike ke lalacewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta gidajen da suka karɓi kuɗi da maƙwabtansu da ba su karɓa ba. Maƙwabcin nan ko dai ya fi su hali shi ya sa bai cancanta ba, ko kuma ya cancanta amma ya ƙi shiga saboda bai yi niyyar tura 'yarsa makaranta ba. Ko wanne ne, ba kamarsu ɗaya ba tun asali. Abin da aka yi a Progresa shi ne, an yi ƙidayar halin gidaje a duka ƙauyukan a 1997, aka tantance waɗanda suka cancanta da ma'auni ɗaya. Saboda haka ana kwatanta gidan da ya cancanta a ƙauyen tallafi da gidan da ya cancanta a ƙauyen jira. Ka kuma lissafa duk wanda ya cancanta, ko ya karɓi kuɗin ko bai karɓa ba, domin da zarar ka tsame waɗanda suka kasa cika sharaɗi, ka bar masu ƙoƙari kaɗai, sakamakon zai kumbura.

Mataki na uku: lissafin kansa

Lambobi huɗu kake bukata. Waɗannan na ƙasa na misali ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce kafin a fara biya, 'yan mata 67 cikin kowane 100 a ƙauyukan tallafi suna sakandare, a ƙauyukan jira kuwa 66. Bayan shekara guda da rabi, na tallafi sun kai 79, na jira sun kai 70.

```
(79 - 67) - (70 - 66) = 12 - 4 = 8
```

Wanda ya dubi ƙauyukan tallafi kaɗai zai ce an samu ƙarin yara 12, alhali 4 daga ciki da ma za su shiga ko babu tallafi, ƙila don an buɗe sababbin makarantu ko amfanin gona ya yi kyau, kuma ƙauyukan jira ne suka nuna mana hakan. Wanda ya kwatanta rukunonin biyu a ƙarshe kaɗai zai ce 9, ya manta cewa akwai tazarar 1 tun farko. Cirewa ta farko tana kawar da duk bambancin da ke tsakanin rukunonin wanda ba ya canzawa, kamar nisan makaranta, ta biyu kuma tana kawar da abin da zamani ya kawo wa kowa. Abin da ya rage, wato 8, shi ne aikin shirin. Binciken da T. Paul Schultz ya yi da ainihin alƙaluman Progresa ya samu kusan haka: ƙarin 'yan mata 7 zuwa 9 cikin 100 a sakandare, maza kuma tsakanin 3 da 6.

A manhajar lissafi ta Stata layi ɗaya ne, inda `makaranta` ke nuna ko yarinya tana sakandare, `tallafi` ko ƙauyenta na tallafi ne, `bayan` kuma ko an riga an fara biya:

```
reg makaranta i.tallafi##i.bayan, vce(cluster kauye)
```

Lambar da ke gaban layin `1 1` a ƙarƙashin `tallafi#bayan` ita ce amsar. Kada ka yar da ɓangaren `vce(cluster kauye)`. Yaran ƙauye ɗaya malaminsu ɗaya ne, damina ɗaya ta same su, don haka ainihin yawan shaidunka ya fi kusa da ƙauyuka 506 fiye da dubban yaran da aka tambaya. Idan ka ƙyale wannan, manhajar za ta nuna maka tabbacin da ba ka da shi.

Mataki na huɗu: ka gwada ginshiƙin hanyar

Duk lissafin nan yana tsaye ne a kan zato ɗaya, cewa da ba a ba da tallafi ba, rukunonin biyu za su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, wannan ya ƙaru da 4, wancan ma ya ƙaru da 4. A Progresa ƙuri'a ta sa zaton ya yi ƙarfi. A mafi yawan shirye-shirye kuwa jami'ai ne ke zaɓen inda za a fara, kuma sukan fara ne da inda wuya ta fi tsanani. A ce shekara biyu kafin shirin ƙauyukan tallafi suna da 73, fari ya saukar da su zuwa 67, aka zaɓe su saboda farin. Idan ruwa ya dawo za su farfaɗo da kansu, lissafinka kuma zai danganta farfaɗowar ga tallafi.

Maganinsa shi ne ka nemo alƙaluman aƙalla lokaci biyu kafin shirin, ka yi lissafin nan a tsakaninsu kamar an riga an fara biya. Idan rukunin tallafi ya tashi daga 65 zuwa 67, na jira daga 64 zuwa 66, amsar sifili ce, kuma haka ake so. Idan ka ga tasiri tun kafin ko sisi ya shiga hannun kowa, rukunin kwatancinka bai dace ba, sai ka sauya shi. Wucewar wannan gwaji tana ƙara natsuwa ne kawai, ba ta tabbatar da zaton, don haka ka tambayi mutanen wurin me kuma ya zo lokaci ɗaya da kuɗin, kamar sabuwar hanya ko ciyar da ɗalibai a ɓangare guda.

Ka kuma lura da malala. Masu bincike Angelucci da De Giorgi sun gano cewa a ƙauyukan Progresa har gidajen da ba su cancanta ba cin abincinsu ya ƙaru, ta hanyar kyauta da rance daga dangi da maƙwabta. Duk wanda ya san zaman karkara ba zai yi mamaki ba, domin kuɗi ba ya shiga gida ɗaya ya tsaya a nan. Wannan wani dalili ne na guje wa kwatanci a cikin ƙauye ɗaya, tun da zai rage girman tasirin da za ka gani.

Mataki na biyar: shin an fita daga tarkon?

A ganina wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ainihin tambayar. Ƙarin yara 8 a makaranta lokacin da ake biyan iyayensu ya nuna cewa sharaɗin da kuɗin suna aiki, amma bai nuna an karya tarko ba. Idan da gaske akwai tarko kuma an tsallake shi, dole tazarar da ke tsakanin rukunonin ta dore, ko ma ta ƙaru, bayan an daina biya. Idan tazarar ta rufe, to tallafin ya sauƙaƙa talauci na wani lokaci, wanda abu ne mai daraja, sai dai kada a kira shi mafita. A Zomba ta ƙasar Malawi an ba 'yan mata tallafi a 2008 da 2009, wasu da sharaɗin zuwa makaranta wasu ba sharaɗi, kuma da aka koma bayan shekara biyu da tsayar da biya, yawancin ribar ta dushe.

Saboda haka ka ƙara ma'aunan da ke nuna dogaro da kai: dabbobi, gona, sana'a, da abin da gida ke samu idan an cire kuɗin tallafin. Masanin tattalin arziki Gertler da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa gidajen Progresa suna zuba kusan kashi 26 cikin 100 na kuɗin a harkar samarwa, kuma bayan shekara biyar da rabi waɗanda suka fara karɓa sun fi na jira abin kashewa da kusan kashi 5 zuwa 6 cikin 100. Alama ce mai kyau, amma a karanta ta da hankali: a lokacin duka rukunonin suna karɓa, don haka abin da aka auna shi ne ribar riga wani shiga da kimanin wata 18.

Wannan ita ce matsalar dogon zango, domin ba za a hana matalauta tallafi shekara goma saboda bincike ba. Masu bincike Parker da Vogl sun kewaye ta da sake fasalin lissafin. Sun ɗauki ƙidayar jama'a ta 2010, suka kwatanta yankunan da shirin ya shiga sosai da wuri da waɗanda bai shiga sosai ba, sannan a maimakon kafin da bayan, suka kwatanta waɗanda suke ƙanana lokacin da shirin ya zo da waɗanda shekarunsu sun riga sun wuce na cin moriyarsa. Sun samu ƙarin karatu ga maza da mata, amma ribar aiki da ingancin muhalli ta fi bayyana ga mata. Wanda zai bi wannan hanya ya jingina kowane mutum ga inda ya taso, ba inda yake zaune yanzu ba, domin waɗanda karatu ya fi amfana su ne sukan tafi birni, kuma idan ka auna waɗanda suka rage a ƙauye kaɗai za ka ga kamar shirin bai yi komai ba.

Idan shirin da kake aunawa ya shiga yankuna kashi-kashi cikin shekaru da yawa, kada ka zuba duka a layin lissafi ɗaya, domin manhajar za ta riƙa ɗaukar waɗanda suka daɗe suna karɓa a matsayin rukunin kwatanci ga sababbin shiga, amsar ta karkace. Ka ware kowane kashi da shekarar shigarsa, ka kwatanta shi da waɗanda ba su shiga ba tukuna, yadda masana Callaway da Sant'Anna suka tsara a 2021. Umarnin `csdid` a Stata da kunshin `did` a manhajar R suna yin wannan aikin.