Darasi: Kafin Ka Tsaya wa Aboki a Kan Bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana abokinka ya yi maka sallama da takarda a hannu, ya ce banki ko ƙungiyar gama kai za su ba shi rance, amma sun ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa. A ofis suna kiran mai tsayawar garanto. Malamanmu kuwa suna cewa mai lamuni. Sau da yawa abokin zai ce, "Hannu kawai za ka sa, ba kuɗi za ka bayar ba." A ranar gaskiya ya faɗa, ba za ka fitar da ko sisi ba. Amma abin da hannun naka yake faɗa wa banki shi ne: idan wannan mutum bai biya ba, ku zo wurina, ni zan biya.

Wannan hukunci ba banki ne ya ƙirƙiro shi ba. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito an ce mai lamuni mai biya ne. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Kotun Shari'a da kotun majistare duk abu ɗaya za su gaya maka.

Shaida daban, garanto daban

A ƙasan takardar rance akwai wurare da dama na sa hannu, kuma ga wanda bai daɗe da fara karatu ba duk kama suke yi da juna. Mai shaida yana cewa ne kawai, "A gabana aka sa hannu." Ba a binsa komai. Garanto kuwa ya ɗauki nauyin kuɗin. Idan aka nemi hotonka, da katin shaidarka na ɗan ƙasa, da lambar BVN, da adireshin shagonka, ko aka ce za a zo a ga gidanka, to ka san ba shaida ake so ka zama ba. Ba a zuwa duba gidan mai shaida.

Mu bi lissafin wani tela

Ga misali, don mu yi lissafi tare. Wani tela ne mai keken ɗinki biyu da yaro ɗaya. Amininsa mai sayar da hatsi ya zo masa bayan sallar la'asar.

"Malam, alfarma na zo nema. Naira 300,000 za su ba ni in sayi masara yanzu da kaka, in ajiye zuwa bazara. Wata shida kacal. Kai kaɗai na yarda da kai."

"Haba mutumina, ai ba komai. Ina zan sa hannun?"

Telan ya tafi da lamba ɗaya a kansa, wato 300,000. Amma takardar ta ce akwai ruwa kashi 5 cikin 100 duk wata, a kan uwar kuɗin gaba ɗaya. Kashi 5 na 300,000 shi ne 15,000. A wata shida ya zama 90,000. Ke nan abin da telan ya tsaya wa shi ne naira 390,000, ana biyan 65,000 kowane wata.

Tun daga nan akwai abin da ya kamata ya tsayar da shi. Masarar da za a ajiye sai bazara ba ta kawo kuɗi a watan farko, alhali banki yana son 65,000 ɗinsa tun watan farko. Daga ina za a riƙa fitar da su? Wannan tambaya ta fi "Kana da amana?" amfani nesa ba kusa ba. Mai hatsin mutumin kirki ne, bai taɓa cin kuɗin kowa ba. Tsarin biyan ne bai dace da sana'ar ba, kuma mai amana ma yana gazawa.

Ya biya wata biyu, 130,000, daga cinikin yau da gobe. Sai masara ta ƙi tashi, ƙwari suka shiga wasu buhunan, ga mai ɗakinsa a asibiti. Saura 260,000. Ya yi shiru wata uku don kunya, bai gaya wa telan ba. A misalinmu tarar jinkiri 5,000 ce duk wata, ta zama 15,000. Ranar da ma'aikacin banki ya yi sallama a shagon ɗinki, takardar da ya miƙa tana ɗauke da naira 275,000.

Telan yana samun kamar 90,000 a wata. Cefane, hayar shago da kuɗin makarantar yara suna cin 70,000. Abin da ke saura 20,000 ne. Ku raba 275,000 da 20,000: kusan wata 14 ke nan yana aiki ba ya ajiye komai, in ma bankin ya yarda ya jira, kuma tara ba ta ci gaba da hawa ba. In bai yarda ba, keken ɗinki ɗaya zai tafi kasuwa. Keke kuwa in ya tafi, samun wata ya ragu, yaron shago ya rasa abin yi.

Abubuwa uku da ke ɓoye cikin takarda

Na farko, mutane suna zaton sai banki ya gama da mai bashin, ya sayar da kayansa, sannan ya waiwayi garanto. Yawancin takardun banki ba haka aka rubuta su ba. Suna ba shi damar neman kuɗin daga wurinka da zarar an saɓa lokacin biya. Kuma mai bin bashi wurin da ya fi sauƙi yake nufa: mai albashi, ko mai shagon da ba ya gudu.

Na biyu ya fi ba mutane mamaki. In ku biyu kuka tsaya, kada ka ɗauka rabi ne naka. Galibi an rubuta cewa ana iya karɓar duka daga hannun kowane ɗayanku. Idan ɗaya garanton ya yi ƙaura ko ba shi da komai, 275,000 ɗin nan kai kaɗai za ta hau, daga baya ka je ka nemi rabonsa da kanka.

Na uku, wata takardar ba a kan rance ɗaya take tsayawa ba. Tana cewa ka lamunci duk abin da ake bin wannan mutum, yanzu ko nan gaba. Ya gama biyan na farko, ya koma ya karɓi 500,000 ba da saninka ba, sunanka yana nan. Saboda haka ka ce a rubuta iyakar kuɗin da ka tsaya wa, da lamba da kuma kalmomi, da ranar da lamunin zai ƙare. In sun ƙi, ka riga ka san irin takardar da ke gabanka.

In karatunka bai kai ba tukuna

Takardun nan da Turanci suke, da ƙananan haruffa, har masu digiri sukan tsallake su. Babu kunya ka ce za ka tafi da ita gida. Ka kai wa wanda ya iya, ba ma'aikacin bankin ba, ba kuma ɗan'uwan mai neman rancen ba, ya karanta maka layi-layi da Hausa. A Najeriya akwai dokar kare wanda bai iya karatu da rubutu ba. Ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadinsa ya sa nasa sunan da adireshin, alamar cewa an karanta wa marar karatun an kuma fassara kafin ya dangwala. Wannan kariya ce, amma a kotu take aiki, bayan an sha wahala da kuɗin lauya. Kada ka dangwala a takardar da aka bar gurbin kuɗi babu komai, "za a cike daga baya". Ka karɓi kwafi ka adana.

Sai maganar cak. Wasu masu ba da rance suna neman garanto ya ajiye musu cak ɗinsa da sa hannu. A nan haɗarin ya canza kama. Rashin biyan bashi shari'a ce tsakanin mutum da mutum, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, ta kuma hana a kama wani a madadin wani. Amma ba da cak da ya dawo don babu kuɗi a asusu laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Ni dai da za a tambaye ni, ba zan ba kowa shawarar ya ajiye cak don bashin da ba shi ya ci ba.

Af, akwai kuma masu rancen waya da ke bugo wa mutum su ce wane ya sa sunanka garanto. In ba ka taɓa yarda ba, ba ka sa hannu a ko'ina ba, ganin lambarka a wayar wani bai ɗora maka bashi ba.

Yaya za ka amsa wa abokin?

Kafin ka amsa, ɗauki jimillar kuɗin da ruwanta, ka tambayi kanka: in gobe aka ce ni zan biya, zan iya ba tare da na sayar da kayan sana'ata ko gonata ba? In amsar a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Telan nan yana iya cewa, "Malam, wallahi 390,000 ta fi ƙarfina, kuma ba na son abin da zai shiga tsakanina da kai. Ga 30,000, ka ƙara a jari, ka biya ni in ka samu." Ko ta salwanta, ya san iyakar abin da ya rasa.

In kuwa ka tsaya, kada ka koma gefe. Ka ce wa abokin ya riƙa nuna maka rasidi duk wata. Alamomin matsala ba su da wuyar ganewa: ya fara cewa "an biya" ba takarda, ya daina ɗaukar waya idan ranar biya ta matso, ko ka ji yana neman wani rance a wani wuri don toshe wannan. Da telan ya sani tun watan uku, da sun je banki tare sun roƙi a sake tsara biyan kafin tara ta taru.

Idan har biyan ya faɗo kanka, ka biya ta asusun bankin, kada ka miƙa wa ma'aikaci a hannu. Ka adana kowane rasidi, ka kuma karɓi wasiƙar da ta ce an gama. Abin da ka biya ya zama bashinka a kan abokin, a Shari'a da dokar ƙasa, kuma rasidan nan su ne hujjarka a gaban mai unguwa ko alƙali.

Aikin aji

Ƙawarki tana son ki tsaya mata a kan rancen naira 100,000, ruwa kashi 4 cikin 100 duk wata a kan uwar kuɗin, na tsawon wata biyar. Nawa ne ruwan wata ɗaya? Nawa ne jimillar abin da za a biya? In ta biya wata biyu ta tsaya, nawa ya rage? Rubuta abin da ke saura miki a ƙarshen wata bayan hidimar gida, sannan ki lissafa wata nawa zai ɗauke ki ki biya ragowar.