Tsokana tsakanin 'yan'uwa: inda iyaye suke kasa bambance wasa da cuta

Gidan da yake da yara ba ya rasa hayaniya. Wannan ya ɗauke wa wancan takalmi, waccan ta kwaikwayi tafiyar ƙanwarta, auta ya sa kuka saboda an ce masa mai ƙaton kai. Yawancin wannan ba abin damuwa ba ne, don ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa, kuma a nan yaro yake koyon kare kansa da haƙuri da mutane. Amma a cikin hayaniyar nan akwai wata tsokana da take cin yaro a hankali, kuma ita ce iyaye suka fi kasa gani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna abin da ƙarar murya. Uwa tana madafa, ta ji ihu, ta fito ta tarar da wanda ya yi jifa ko ya kai duka, shi za ta hukunta. Abin da ya faru minti goma kafin ihun ba ta gan shi ba. Sau da yawa faɗan da ya fi ƙara shi ne mafi sauƙi: yara biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya suna rigima a kan wanda zai zauna kusa da taga, bayan ɗan lokaci ka gan su suna cin gyaɗa tare. Tsokanar da take cutarwa kuwa a hankali ake yin ta, kalma ɗaya a kunne, ko wani kallo da dariya ƙasa-ƙasa lokacin da ake cin tuwo.

A ɗauki misalin gida mai yara huɗu. Na ukunsu ɗan shekara takwas ne, har yanzu yana fitsarin kwance. Duk safiya idan aka fito da katifarsa aka shanya a rana, yayansa ɗan shekara goma sha biyu zai wuce ta kusa da shi ya toshe hanci, ya ce “Amalala” a hankali yadda Umma ba za ta ji ba. Sauran biyun su yi dariya. Ran nan yaron ya ɗauki kofi ya jefi yayan, ya fashe masa leɓe. Umma ta fito ta ga jini, ta zane ƙaramin, ta ƙara da cewa ba shi da kunya, yana ɗaga wa yayansa hannu. Daga ranar yaron bai sake jifa ba, gida ya yi shiru, Umma ta ɗauka an wuce wurin. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne ya daina cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, ya daina shan ruwa tun daga la'asar don tsoron dare, yana tashi tun kafin asuba ya ɓoye zanen gado a bayan ƙofa, kuma da aka ce za a je hutu gidan kaka ya ce cikinsa yana ciwo.

Me ya raba wannan da wasa? Na farko, tsokanar hanya ɗaya take bi. Mu Hausawa mun san wasa sosai: akwai na taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Bafulatani da Babarbare. Duk cikinsu wanda aka tsokana yana da damar ramawa, kuma ramuwar ita ce daɗin abin. Idan kullum yaro ɗaya ne ake yi wa dariya, shi kuma ba shi da bakin mayarwa, ko don ƙanƙanta ko don an hana shi mayar wa yaya magana, to an bar wasa. Na biyu, ba ta tsayawa. Mai wasa idan ya ga idon ƙaninsa ya ciko da hawaye yakan ja baya, har ya shiga lallashi. Mai cuta a lokacin yake ƙara ƙaimi, don hawayen yake nema. Na uku, an taɓa abin da yaron ba shi da ikon canzawa. Fitsarin kwance ba ganganci ba ne kuma ba lalaci ba ne. Yakan bi jini, sau da yawa uba ko uwa ko kawu sun yi shi suna yara, kuma yawancin yara suna dainawa da kansu. Haka in'ina, da duhun fata, da gajarta, da ciwon sikila, da rashin saurin gane karatu. Gori a kan irin waɗannan ba ya zama wasa ko da mai yin sa yana dariya.

A nan ne kuskure na biyu yake shigowa, wato tambayar mai tsokana ko wasa yake yi. Amsarsa a shirye take: “Wallahi Umma wasa nake masa.” Wataƙila ma gaskiyarsa ce, don ɗan shekara goma sha biyu bai cika sanin nauyin kalmarsa ba. Amma wanda za a duba shi ne wanda aka yi wa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Shin yana dariya da gaske, ko yaƙe yake yi yana kallon ƙasa? Bayan an gama, ya koma cikinsu, ko ya zame ya shige ɗaki? Gobe shi da kansa zai nemi yayan nan su yi wasa, ko yana sauya hanya idan ya hango shi?

Gyaran a misalin nan ba ya bukatar bulala. Umma ta ɗauki kamar mako guda tana kallo ba tare da ta ce komai ba, musamman lokuta uku: da safe wajen shirin makaranta, lokacin cin abinci, da bayan magariba idan yara suka taru babu babba a kusa. Sannan ta keɓe yaron shi kaɗai, ta aike shi ɗaki ya ɗauko mata wani abu ta bi shi, ko ta tafi da shi kasuwa. Kada ta ce “Wa yake tsokanarka?”, domin yaron da aka taɓa duka a kan maganar zai ce babu kowa. Ta faɗi abin da ta gani: “Na ga ka daina cin abinci da su Yaya. Me yake faruwa idan ba na wurin?” Idan ya yi shiru ta ƙyale shi, ta sake gwadawa bayan kwana biyu. Idan ya faɗa, kada ta tashi a fusace ta kira yayan a gabansa, don da ta juya baya za a ce masa mai kai ƙara, kuma ba zai sake faɗa mata komai ba.

Shi ma yayan a keɓe za a same shi. A gaya masa abin da aka gani da ido, ba abin da aka ji daga ƙanin ba, a bayyana masa cewa lalurar nan ba laifin yaron ba ce, a kuma kafa doka ƙarara: sunan nan ya mutu a gidan nan daga yau. Idan ya maimaita, a hana shi wani abu da yake so na kwana ɗaya ko biyu, kamar fita ƙwallo, a kuma cika alkawarin hukuncin duk lokacin da ya sake. Yaran da suke makarantar Islamiyya za su gane idan aka tuna musu aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Ita kuma katifar, a daina shanya ta a tsakar gida a gaban kowa, a sa mata leda a ƙarƙashin zane, a bar yaron ya sha ruwansa da rana yadda ya kamata. Tun da ya wuce shekara bakwai, ya dace a kai shi asibiti a duba shi, balle idan da ya daina sannan ya dawo yi.

Akwai kuskuren da ya fi mini ciwo, shi ne iyaye su zama su ne tushen sunan. Uba ya kira ɗansa “Daƙiƙi” sau ɗaya don ya faɗi jarrabawa, ko uwa ta ba baƙi labarin fitsarin kwancen ana dariya. Yara sun ji, sun ɗauka an ba su lasisi. Ba za a iya hana yaya abin da ya koya a bakin Abba ba, sai Abban ya fara dainawa, ya kuma faɗa a gaban yaran cewa ya daina.

Sai maganar “kai ne babba, yi haƙuri”. An ce babba juji ne, amma ɗan shekara goma ba babba ba ne. Akwai autan da ya gane cewa duk abin da ya yi ba a taɓa shi, sai ya riƙa yaga wa yayarsa littafi yana yi mata gwalo ta bayan Umma, ita kuma da ta buɗe baki a ce ta girma. Ɗan fari ya fi shan wannan, domin a gidaje da yawa kunyar ɗan fari tana hana uwa ta fito ta tare masa. Alkunya ba ta hana adalci. Idan uwa ba za ta iya magana ba, uba ko gwaggo su yi.

Raba laifi biyu ma kuskure ne idan ba a bincika ba. A zane su duka, a ce su gaisa, magana ta ƙare. Wannan yana aiki a rigimar takalmi. A inda ɗaya yake cutar ɗaya kuwa, wanda aka cuta ya koyi cewa kai kuka ba shi da amfani.

A gidan da ake da 'yan uba, ko agola, ko ɗan riƙo, sai an ƙara sa ido. Tsokanar yara a irin gidan nan wani lokaci saƙon manya take ɗauke da shi: “gidan ubanka ne?”, “uwarka ma haka take”. Yaro bai ƙirƙiri waɗannan kalmomi ba, a ɗaki ya ji su. Maigidan da yake dawowa bayan isha ya saurari ɓangare ɗaya ya yanke hukunci yana ƙara wa wutar itace ne. Ya ji kowane yaro shi kaɗai, sannan ya zauna da matan, don a wurinsu gyaran yake. Ɗan riƙo kuma ba shi da ɗakin da zai gudu, saboda haka shirunsa ba ya nuna lafiya lau yake.

Kada a ɗauka duk abin nan yana wucewa da girma. Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2014 ya bi dubban yara, ya gano cewa waɗanda 'yan'uwansu suke musguna musu sau da yawa a mako suna da shekara 12 sun ninka sauran kusan sau biyu wajen shiga ciwon damuwa da cutar da kansu a shekara 18. Don haka idan yaro ya fara ramewa, ko barcinsa ya lalace, ko karatunsa ya faɗi ba dalili, ko ana ganin tabo a jikinsa yana ɓoyewa, ko ya furta cewa gara ya mutu ko ya bar gidan, an wuce matakin nasiha. A raba musu wurin kwana a daren, kada a sake barin su su kaɗai, a kuma kai yaron wurin likita a gaya masa duk abin da yake faruwa a gida.